Canjin dala a filin jirgin Jidda

"'Yan uwa, karon farko zan kawo mahaifiyata Umara, a Jidda za mu sauka. In canza dalar guzurinmu duka a filin jirgi ne?"

Ɗan uwa, don Allah kar ka canza duka. Tambayar nan taka ta fama min wani tsohon ciwo.

Nima da Hajiyarmu na sauka, cikin dare, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman jirgi, ga harami a jikina babu ko aljihu. Wani mutum ya tare mu da Hausa tsantsa, "Sannunku da zuwa baƙin Allah", ya karɓi jakar Hajiya, ya kai mu gaban wani mai canji ya ce a nan kowa yake yi. Ina cikin tambayar farashi ya ce in miƙa kawai, mota za ta tafi ta bar mu. Dala 500 na zura ta ƙasan gilashi. Aka turo min riyal 1,750 da rasit.

Sai a masauki wani dattijo mazaunin Makka ya duba rasit ɗin ya girgiza kai. Ya ce tun 1986 riyal ɗaure yake da dala, dala ɗaya riyal 3.75, ba ya hawa da sauka kamar naira. Wato dala 500 riyal 1,875 ke nan. Ni an saya a hannuna a kan 3.55, ya zama 1,775, aka sake cire 25 wai ladan aiki. Riyal 125 sun tafi. Wallahi mai canjin bai ƙona min rai kamar mutumin nan ba. Ya ga halin da tsohuwa take ciki, ya kira ta Mama, har addu'a ta yi masa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yanzu kuɗina ba ya barin hannuna sai na tambaya: in na ba ka dala 100, riyal nawa zan ƙirga bayan an cire komai? Ka riƙe 375 a ranka. In aka ce 372 ko 373, ribarsu ce, babu laifi. In ka ji 355, matsa gaba ka tambayi na kusa da shi. Allonsu kuma layi biyu ne, na saye da na sayarwa. Kai da ka zo da dala na saye ne naka, shi ne ƙaramin, kar babban ya ruɗe ka.

A filin jirgi ka canza abin mota, layin waya da abinci kawai. Sauran ka bari sai Makka ko Madina, shagunan canji suna nan kusa da Harami, ka zaga biyu ko uku da fasfonka a hannu. Ka zo da sababbin 'yan ɗari-ɗari, don yagaggiya ko mai rubutu a jiki wasu ba sa karɓa. Ka ƙirga a gaban gilashin kafin ka juya baya.

Kuma ka nema wa Mama keken guragu tun wajen sayen tikiti, tafiyar cikin filin jirgin nan da nisa. Allah ya kawo ku lafiya, ya karɓi ibada.