Shin tsarin ninka kuɗi zai iya mayar da caca abin samun riba?

Tambaya: "'Yan'uwa, wata guda ke nan ina bin tsarin ninka kuɗi duk lokacin da na faɗi, kuma har yau ban tashi da asara ba. Wani aboki ya ce in haɗa da dokar kada in taɓa sa fiye da kashi 2 cikin 100 na jarina. Idan na riƙe tsarin da kyau, ba zan riƙa cin riba kullum ba?"

Ɗan'uwa, na yi shekaru a cikin wannan harka kafin in bar ta, kuma na bi irin tsarin nan da littafi da biro, ina rubuta kowane zubi. Amsar da zan ba ka ita ce a'a, kuma ina roƙonka ka bi lissafin da kanka, kada ka tsaya a kan maganata.

Zan yi misali da rulet mai sifiri ɗaya, wato wasan da ake jefa ƙaramin ƙwallo a kan faifai mai juyawa, domin a nan lissafin ya fi fitowa fili. Faifan yana da gurbi 37: ja 18, baƙi 18, sai sifiri guda mai launin kore. Idan ka sa ƙwaya ɗaya a kan ja, gurbi 18 ne naka, 19 kuma na gidan caca, amma idan ka ci ƙwaya ɗaya kawai ake ƙara maka. Wato a juyi 37, a matsakaici, za ka ci 18 ka faɗi 19. Wannan ƙwaya ɗaya da ta ɓace ita ce rabon gida, kimanin kashi 2.7 cikin 100 na duk abin da ka ɗora a tebur. Cacar ƙwallo ma haka take: idan ɓangarori biyu suna da damar nasara daidai wa daida, aka ce kowanne zai biya 1.90, to wanda ya sa 100 zai samu ƙarin 90 idan ya ci, ya rasa 100 idan ya faɗi, matsakaicin asararsa 5 ke nan a kowane zubi.

Tsarin da kake bi, wanda ake kira Martingale, na bi shi da jarin ƙwaya 1,023. Wannan adadi yana ɗaukar zubi goma a jere: 1, 2, 4, 8, har zuwa 512. Duk inda na ci a cikin goman, na maido abin da na rasa da ribar ƙwaya ɗaya, sai in koma farko. Na yi zagaye 340 a haka ba tare da tangarɗa ba, har na fara ganin kamar na gano abin da ya ɓuya wa kowa. Ranar da abin ya zo, na faɗi sau takwas a jere, na sa 256 hannuna yana rawa, ita ma ta tafi. Na daɗe ina kallon 512 da ta rage, ina tunanin cewa zan jefa rabin jarina domin neman ribar ƙwaya ɗaya tak. Na sa ta, ƙwallon ta faɗa baƙi. Ribar 340 da na tara a hankali, da aka cire ta daga 1,023, ta bar ni da giɓin 683.

Na daɗe ina cewa rashin sa'a ce, sai da na zauna na lissafa. Damar faɗuwa sau goma a jere ita ce 19/37 a ninka da kanta sau goma, abin da ke ba da kusan sau ɗaya a zagaye 784. Saboda haka a zagaye 784 mutum zai ci ƙwaya 783, ya rasa 1,023 a tashi ɗaya, ya ƙare da asarar 240. Abin da ya buɗe mini ido shi ne wannan: idan ka haɗa dukan kuɗin da za a ɗora a tebur cikin waɗannan zagaye, da ƙananan zubi da manya, za su kai kusan 8,870, kuma kashi 2.7 cikin 100 na wannan adadi shi ne 240 ɗin nan dai. Ninkawar ba ta rage wa gida ko ƙwaya ɗaya daga rabonsa ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta tattara asarar wuri guda, ta jinkirta ta, ta bar ni da ƙananan nasarori masu yawa a kan hanya.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Faifan ba ya tuna abin da ya wuce, don haka zubi na goma yana fuskantar gurbi 19 da 18 kamar na farko. Tsarin zubi yana da iko a kan abu ɗaya ne kawai, wato yawan abin da za ka sa a kowane karo, ba shi da iko a kan damar ci ko abin da za a biya ka. Idan kowane zubi yana ɗauke da asara a matsakaici, to ko ka ƙara shi bayan faɗuwa, ko ka ƙara shi bayan ci, ko ka bi jerin Fibonacci inda kowace lamba take jimillar biyun da suka gabace ta, jimillar asarori ba za ta taɓa zama riba ba. Kuma ko jarinka ya fi nawa ninki goma, gidajen caca suna da iyakar abin da za a sa a zubi ɗaya, wadda za ta tsayar da ninkawar a daidai lokacin da kake buƙatarta.

Watan da ka yi kana ci bai saɓa wa wannan ba. Da irin jarin da na yi amfani da shi, kusan mutum biyu cikin uku za su wuce zagaye 300 ba su gamu da faɗuwa goma a jere ba. Su ne ake jin muryarsu suna yabon tsarin, wanda abin ya rutsa da shi kuwa yakan ja bakinsa ya yi shiru saboda kunya, kamar yadda na yi.

Shawarar abokinka ta kashi 2 cikin 100 tana da amfani, ba zan raina ta ba, domin tana hana mutum ƙarewa a dare ɗaya. Sai dai ka lura cewa ba ta haɗuwa da ninkawa, tunda faɗuwa kaɗan a jere za ta tilasta maka keta ta. Idan kuma ka bi ta ita kaɗai, asarar tana nan, tafiyarta ce ta koma a hankali: mai jarin 1,000 da ke sa 20 sau 500 ya ɗora 10,000 a tebur, kuma matsakaicin abin da zai rasa a rulet 270 ne. Dokar tashi idan an ci wani adadi ko an rasa wani adadi ita ma haka take, domin wasan gobe ci gaban na yau ne.

Masu sayar da tsare-tsare sukan ambaci ƙa'idar da John Kelly ya wallafa a 1956 don su nuna akwai ilimi a bayan abin. Ƙa'idar gaskiya ce, ga ta: f = (bp − q) / b, inda p take damar ci, q damar faɗuwa, b abin da ake biya a kan kowace ƙwaya, f kuma kason jarin da ya kamata a sa. An gina ta ne domin wanda ya riga ya sami rinjaye a kan wasan. Ka saka lambobin rulet a ciki, b ya zama 1, p ya zama 18/37, q ya zama 19/37, za ka ga amsar ta fito −1/37, ƙasa da sifiri, ma'ana kada a sa komai.

Idan kana so ka gwada naka, ɗauko tarihin zubinka na watan nan, ka haɗa jimillar duk abin da ka ɗora, ba ribar da ta rage a hannunka ba. Sannan ka lissafa faɗuwa nawa a jere jarinka zai iya ɗauka, da kuma zagaye nawa na riba kake buƙata kafin ka cike wannan asara guda. Ka kawo mana lambobin a nan, zan zauna mu bi su tare ɗaya bayan ɗaya.