Lambar FPS ta hau, amma hannuna ya yi nauyi

Tambaya: Malam, laftof ɗina mai katin hoto RTX 4060 tana ba ni FPS 38, wato firam 38 a sakan, a wasan Cyberpunk 2077. Na kunna Frame Generation lamba ta kai 64, amma in na motsa maus sai in ji kamar ina jan kaya a cikin laka. Mai shago ya ce kwamfutar ce ta fara lalacewa. Haka ne?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wurin kowa a kwance maka ita. Raba 64 ɗin nan biyu. Firam 32 ne kaɗai wasan ya zana da kansa, sauran katin ne ya ƙago ya cusa a tsakani. Ka lura na gaskiyar ma sun ragu daga 38, domin ƙagowar kanta tana cin ƙarfin kati. A da kowane firam yana ɗaukar kimanin milisakan 26, yanzu ya koma 31. Bayan haka katin ba ya iya zana na tsakiya sai ya ga na gaba, don haka yakan riƙe sabon firam ya fara nuna maka na ƙage. Nauyin da ka ji ke nan.

Abin da ya ishe ni shi ne masu tallar kwamfuta da suke nuna wa yara lambar da ke kusurwar allo suna cewa kati ya ninka ƙarfi. Tun 2022 da DLSS 3, fasahar Nvidia mai ƙagen firam, ya fito nake fama da wannan magana. Firam ɗin ƙage bai san ka danna komai ba. Wasan yana karanta maus ne a kan firam na gaske kawai, ido ya ga santsi, hannu kuwa yana nan a 32. Har wani ya zo mini da alfahari wai katinsa na RTX 50 ya kai 120 da ninki huɗu. Na ce masa talatin yake bugawa, ransa ya ɓaci. Reflex, saitin Nvidia da ke zuwa tare da ƙagen, yana rage jinkirin, gaskiya ne, amma ai kana iya kunna shi ba tare da ƙagen ba, ka ci ribarsa gaba ɗaya.

Kashe Frame Generation tukuna. Rage Ray Tracing, ka sa DLSS a kan Balanced, har ka samu 60 na gaske. Kamfanin AMD ma 60 ɗin ya ba da shawara a kan FSR 3, nasa tsarin ƙagen firam. Daga nan, in allonka na 120Hz ne ko 144Hz, kunna ƙagen ka more. In na 60Hz ne bar shi, domin in aka tsayar da lamba a 60, na gaskiyar 30 ne. A wasan harbi na gasa da kake karawa da mutane kuwa kada ka taɓa shi ko da kana da 100.