Me ya sa 8^(-2/3) ba -4 ba ne?

"Na lissafa 8^(-2/3) na samu -4, malam ya soke amsar. Don Allah ina na kuskure?"

Ɗan'uwa, 4 ɗin da ka samu daidai ne, alamar debewa ce ka ajiye inda ba gurbinta ba. Idan tana jikin fawa, wato ƙaramar lambar da ke sama, aikinta shi ne kifa lamba, ba mayar da amsa ƙasa da sifili ba. Duba yadda 2^3, 2^2 da 2^1 suke ba da 8, 4 da 2, kowane mataki ana rabawa da biyu. Idan aka ci gaba da saukowa, 2^0 zai zama 1, sannan 2^(-1) ya zama 1/2.

Ita kuwa 3 da ke ƙasan 2/3, tambaya take yi: wace lamba ce idan aka jera ta sau uku aka ninka za ta ba da 8? Amsar ita ce 2, domin 2×2×2 = 8, kuma wannan amsar ake kira tushe. Sai 2 ta saman 2/3 ta ce a ninka tushen da kansa, a samu 4, a kifa ya koma 1/4. Na fi son fara ciro tushen, saboda lambobin ba sa kumbura.

Ga yadda za ka gwada: dole ne 8^(2/3) × 8^(-2/3) ya ba da 8^0, wato 1. To, 4 × 1/4 ya cika wannan sharaɗi, amma 4 × (-4) ya ba da -16.

A kalkuleta kada ka manta da baka biyun da ke kewaye da -2/3, domin 8^-2/3 zai fito maka da 1/192. Idan kuma ka haɗu da irin (-16)^(1/2), ka kai wa malaminka, saboda ba shi da amsa a cikin lambobin da muka saba da su.