Ma'aikacina Ya Mai da Makara Ɗabi'a: Yaya Zan Rubuta Masa Takardar Gargaɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Kano, da ma'aikata takwas. Akwai wani yaro da ke hura wuta da wanke shinkafa, shekararsa ɗaya da wata huɗu a wurina. Ƙarfe shida da rabi na safe ya kamata ya iso, amma sai bakwai ta gota nake ganinsa. Na yi faɗa har na gaji, yanzu na fara cire masa naira dubu ɗaya duk ranar da ya makara. An ce in ba shi takardar gargaɗi kafin in sallame shi. Me zan rubuta a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki ɗauki biro, ki nemi littafi mai layi ki ajiye shi a bakin ƙofar kicin, tare da agogon bango guda ɗaya da kowa ya yarda da shi. Duk wanda ya shigo ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso, ya sa hannu. Kowa da kowa, har ɗan 'yar'uwarki in yana aiki a wurin. Idan shida da rabi ta cika, ke ko mai kula da kicin ku ja layi a ƙasan sunan ƙarshe; wanda sunansa ya faɗa ƙarƙashin layin, ba sai an yi gardama da shi ba. Ki yi haka mako biyu.

Dalilin da ya sa na fara da littafi shi ne, takardar da ta ce "kullum kana makara" ba ta da ƙafar tsayawa. Yaron zai ce jiya ai da wuri ya zo, kuma gaskiyarsa, sai maganar ta koma musu a kan jiya. Amma idan kika ce ranar Alhamis 6 ga wata ka iso bakwai da minti ashirin da biyar, ga sa hannunka, to magana ta ƙare. Abin da ya rage masa sai ya faɗi dalili.

Dalilin nan kuwa ki saurare shi tun ba ki rubuta komai ba. Ki kira shi gefe bayan an sauke abincin rana, ba a gaban masu cin abinci ba, ba kuma a gaban abokan aikinsa ba, ki buɗe masa littafin ki ce ya yi bayani. Manyan ma'aikatu takardar neman ba'asi suke fara bayarwa, su ba mutum kwana ɗaya ko biyu ya amsa a rubuce. Wurin da ke da mutum takwas zama na minti goma ya wadatar, muddin akwai mutum ɗaya da ya shaida, kuma kin rubuta ranar da abin da ya faɗa.

Na taɓa taimaka wa wata mai gidan abinci da ta riga ta buga takarda, saura miƙawa. Da aka zaunar da yaron, ashe mai girkin ce ke kiransa da asuba ta ce ya biya ta kasuwar 'Yankaba ya taho da tumatir da attaruhu, sau biyu ko uku a mako. Yana shigowa da kwando a ka, ita kuma uwar ɗakin tana kallon agogo daga kan teburin kuɗi, ba ta ganin ƙofar baya. Da takardar ta fita, da an zalunce shi, mai girkin kuma ta yi shiru abinta. Ke ma ki duba naki tsarin: idan shi ne ke wanke tukwane har sha ɗaya na dare, sannan ya nemi a-daidaita-sahu zuwa gida, a ce kuma shi zai hura wutar asuba, to gyaran yana cikin rabon aiki. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, kuma wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa bai gaza awa ɗaya ba. Gidajen abinci da yawa a nan suke tuntuɓe.

To, a ce kin ji ta bakinsa, babu wani uzuri sai hirar dare da nauyin barci. Ga yadda takardar za ta kasance. Ranakun misali ne, ki sauya da abin da littafinki ya nuna:

> Talata, 18 ga Nuwamba
>
> Zuwa ga Malam Wane, mai taimakon girki
>
> TAKARDAR GARGAƊI TA FARKO: MAKARA WAJEN ZUWA AIKI
>
> Lokacin fara aikinka ƙarfe 6:30 na safe ne. Littafin sa hannu ya nuna ka makara sau huɗu a wannan watan: Litinin 3 ga wata ka iso 7:10, Alhamis 6 ga wata 7:25, Talata 11 ga wata 7:00, Asabar 15 ga wata 7:45.
>
> Na yi maka magana da baki ranar Juma'a 7 ga wata. Jiya Litinin kuma mun zauna a gaban mai kula da kicin, ka ce barci ne ke ɗauke ka saboda ba ka kwanciya da wuri.
>
> Ranar Asabar ɗin ba a ɗora shinkafa ba sai ƙarfe takwas, abincin da aka yi oda bai fita a kan lokaci ba, kuma mai girki ce ta bar nata aikin ta hura wuta.
>
> Daga gobe ana buƙatar ka sa hannu a littafi kafin 6:30. Idan wani uzuri ya taso, ka buga wa mai kula da kicin waya kafin ƙarfe shida. Za mu sake zama ranar Talata 16 ga Disamba mu duba littafin. Idan ka makara sau biyu kafin ranar ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, za a ba ka takardar gargaɗi ta ƙarshe, wadda bayanta ana iya sallamarka daga aiki.
>
> Idan kana da abin faɗa game da wannan takarda, ka kawo shi a rubuce ko da baki cikin kwana uku.
>
> Sa hannun mai gidan abinci: ________
> Na karɓi kwafin wannan takarda: ________
> Shaida: ________

Ki lura da abin da babu a ciki. Babu "malalaci", babu "butulu", babu tuna masa kuɗin maganin da kika ba shi lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta. Na san hannu yana ƙaiƙayin rubuta su, musamman ga yaron da kike ganin kin yi wa alheri. Amma da zarar zagi ko gori ya shiga, duk wanda ya karanta, dattijon unguwa ne ko jami'in ƙwadago, faɗa zai gani tsakanin mutum biyu, ranakun nan huɗu kuma su ɓace a cikin hayaniya. Haka nan kada ki haɗa masa da fasa faranti da ɗaga murya ga mai girki. Makara kike magana a kai, ki tsaya a kanta.

Sakin layin da ya fi wuya shi ne na huɗu, inda kika faɗi abin da zai biyo baya. Kada ki rubuta abin da ba za ki iya aikatawa ba. Idan kika ce "ka sake makara ko sau ɗaya ka kori kanka", ya makara minti bakwai ranar da aka kwana ana ruwa, kika kawar da kai saboda babu mai hura wuta, to kin koya wa sauran bakwai ɗin cewa takardarki ba ta cizo. Shi ya sa na sa sau biyu cikin mako huɗu, na kuma bar mataki ɗaya a gaba. Ki kuma faɗa wa kowa tun yanzu ko akwai rangwamen minti biyar ko goma, kada ya zama yau da rangwame gobe babu, gwargwadon yadda kika tashi.

Wajen miƙawa, ki yi kwafi biyu. In bai iya karatun boko ba, shaidar ya karanta masa a bayyane, ya dangwala yatsa. Ki gaya masa sa hannun na karɓa ne kawai, ba ya nufin ya yarda da komai. In ya ƙi, kada ki ja da shi: shaidar ya rubuta a ƙasa cewa an karanta masa, an miƙa masa, ya ƙi sa hannu, da rana da lokaci. Idan akwai wanda ya kawo miki shi ya tsaya masa, kawu ko yaya, ki sanar da shi a ranar. Sau da yawa wayar kawun ta fi takardar tayar da mutum daga barci, kuma gobe ba zai zo ya ce an kori yaronsu bai sani ba.

Sai batun dubu ɗayan nan. Ki daina, Hajiya. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire kuɗi daga albashi da sunan tara. Abin da ya bari shi ne cire wani abu daidai gwargwado saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Ki ma yi lissafin da kanki. A ce albashinsa naira 70,000 ne, yana aikin kwana 26 a wata, awa tara kullum: awarsa ɗaya ba ta kai naira 300 ba. Makarar minti 45 ke nan kusan naira 225, ke kuwa kina cire fiye da ninki huɗu. Ko hana shi kuɗin mintocin da bai yi aiki ba, ni ba zan ba ki shawara ki fara ba sai yana rubuce cikin sharuɗɗan aikin da ya sa wa hannu. Abin da kika riga kika cire, ki mayar masa a albashin wannan wata, ki rubuta a littafin biya. Banda doka ma, tara tana da wata illa da na sha gani: mutum ya mai da ita kuɗin sayen barci, ya shigo takwas saura yana cewa ai za a cire.

Da na ambaci sharuɗɗan aiki, sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci su a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da lokutan aiki da albashi. In ba ki taɓa yi ba, shafi ɗaya ya isa, ki ba duka takwas ɗin a mako guda, don kada wani ya ce ba a taɓa gaya masa shida da rabi ba.

Idan duk da haka abin ya kai ga rabuwa, tunda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sashe na 11 ya ba shi notis na mako ɗaya, a rubuce, ko ki biya shi kuɗin makon ya tafi a ranar, tare da albashin kwanakin da ya riga ya yi. In kun yi yarjejeniyar notis mai tsawo fiye da haka, ita za ki bi. Littafin sa hannu da takardun biyu ki adana su ko bayan ya tafi, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma tana tambayar dalilin sallama da ko an saurari ma'aikaci. Ranar 16 ga Disamba kuwa, in kika buɗe littafin kika ga sunansa a saman layi mako huɗu cur, ki rubuta hakan a bayan kwafinki, ku sa hannu ku biyu, ki gaya masa idan ya riƙe haka wata shida takardar ta daina aiki.