Yadda ake mayar da rahoto abin karantawa a bainar jama'a

Tambaya: "An ce in karanta rahoton kuɗin ƙungiyarmu a taron shekara a Tudun Wada, amma da na gwada a gida sai numfashina ya riƙa ɗaukewa. Yaya zan yi?"

Malam, matsalar daga tsawon jimlolin take. Tashi tsaye ka karanta da ƙarfi, duk inda numfashinka ya yanke ka ɗiga aya, ka buɗe sabuwar jimla.

A ce ka rubuta: "Jimillar kuɗin shiga daga gudummawar mambobi da hayar shaguna a Sabon Gari ta kai N487,350, saɓanin N402,100 na bara." A baki sai ka ce: "Bana mun samu kusan naira dubu 490. Bara dubu 400 da ɗoriya muka samu. Kun ga an ƙaru ke nan. Kuɗin daga wuri biyu suka fito, gudummawarku da hayar shagunanmu na Sabon Gari." Cikakkun alƙaluman ka bar su a takardar da za a raba, saboda mai sauraro ba ya iya komawa baya kamar mai karatu.

Ka kuma cire irin su "kamar yadda aka ambata a sama", ka maimaita maganar kawai. In ka ga dattawa sun fara duba waya, lambobin sun yi yawa, tsallake zuwa abin da aka yi da kuɗin.