Za mu sauya lokacin aiki da azumi, yaya za mu yi da waɗanda muka riga muka ba rana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai riƙe da rajistar marasa lafiya a wata cibiyar gashin ƙashi. Muna buɗewa ƙarfe 8 mu tashi 5, Litinin zuwa Juma'a, amma da azumi za mu koma 9 zuwa 3. Saura kwana goma, ga shi mun riga mun ba mutane da yawa rana da lokaci. Shugabanmu ya ce in liƙa takarda a ƙofa in sa a sitatus, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba. Hakan ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Bai isa ba, kuma rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Amma kafin ki sanar da kowa komai, yau ɗin nan ki daina ba da sabon lokaci a cikin awannin da za a yanke. Sau da yawa nakan ga ana ta gardamar yadda za a tsara sanarwa, alhali wanda ke kan tebur yana nan yana ci gaba da rubuta wa mutane ƙarfe 4 na yamma a tsakiyar azumi.

Daga nan ki ɗauko rajista ki yi lissafi. Mu ƙaddara kowane mutum minti 30 ake ba shi. Kun yanke awa ɗaya da safe da awa biyu da yamma, wato gurbin 8:00, 8:30, 3:00, 3:30, 4:00 da 4:30 sun tafi. Mutum 6 ke nan a rana, 30 a mako. Idan makonni biyun farko a cike suke, mutum 60 ne ke riƙe da katin da aka rubuta musu lokacin da ƙofarku za ta kasance a kulle. Sai ki ƙirga guraben da babu kowa tsakanin 9 da 3 a waɗannan ranakun. In biyu-biyu ne a rana, gurbi 20 gare ki, mutum 40 ba su da wurin zuwa. Wannan lissafin za ki kai wa shugabanku a rubuce, domin babu irin sanarwar da za ta haifar da gurbin da babu shi. Ko dai a bar ma'aikaci ɗaya a tsohon lokaci na makonni biyun nan, ko a ɗaga waɗanda jinyarsu za ta jure jinkiri. Likitan da ke duba su ne zai faɗi wanda zai jure da wanda ba zai jure ba, kada a bar miki wannan hukuncin. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan yana kan gashi a jere ba daidai yake da mai zuwa duba na wata-wata ba.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, don kusan kullum sai na ci karo da shi: a liƙa takarda a ce "ai mun sanar". Takardar ƙofa wa ke ganinta? Wanda ya zo ƙofar. Wanda kuka ba Talata ƙarfe 3:30 ba zai tako ƙofar ba sai Talata ƙarfe 3:30, ya tarar da kwaɗo da takarda tare, da ƙishirwa a wuyansa, wataƙila ma ɗauko shi aka yi a kujerar guragu an biya kuɗin mota. Sitatus ɗin WhatsApp kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba ya bayyana sai ga wanda kuka adana lambar juna. Haka Broadcast, wato saƙon da ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, ba ya isa ga wanda bai adana lambarku ba, ke kuma kina nan kina zaton ya tafi. Wasu kuma sai su buɗe guruf su zuba marasa lafiya duka a ciki, kowa ya ga lambar kowa, a tona asirin mutane a kan maganar da saƙo ɗaya zai kashe. Duk wannan wanke kai ne, don in mutum ya zo da fushi a nuna masa bango a ce bai karanta ba. Wanda kuka ba rana alƙawari ne tsakaninku, da sunansa aka ƙulla shi, don haka da sunansa za a warware. Kuma a daina cewa "ai kowa ya san da azumi ana tashi da wuri". Kowa ya san ana tashi da wuri, babu wanda ya san ku ƙarfe nawa kuka zaɓa, kuma mai kati a hannu katinsa zai gaskata. Ba kowane mai zuwa wurinku ne ke azumi ba ma.

Sanarwar gama-gari tana da wata ɓarna da ba a lura da ita. Mai 11:00, wanda canjin bai shafe shi ba, in ya ga "za mu riƙa buɗewa 9" sai ya ɗauka an rushe tsarin, ya zo 9 ɗin. Ki wayi gari mutum goma a benci guda. Saboda haka shi ma ki tura masa layi ɗaya: lokacinka na rana kaza yana nan yadda yake.

Su kuma 60 ɗin, kowa saƙonsa daban, kamar haka: "Salam. Cibiyar gashi ce. Lokacinka na Talata 12 ga wata, 3:30, ya canza saboda azumi. Akwai Talata 11:00 ko Laraba 1:30. Turo 1 ko 2, ko ka kira mu." Tsohon lokaci na ciki don ya gane wanne ake nufi, zaɓi biyu ne don kada ya ji an yi masa dole, kuma an nemi amsa. Kada ki tura wa mutum biyar gurbi ɗaya, ki riƙe wa kowa nasa har kwana biyu. In ta saƙon tes za ki tura, ki sani saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga sai ya koma 70, a raba shi gida-gida a caje ki kuɗin kowanne. Rubuta shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa.

Ki fara da masu ranakun farko. Wanda bai amsa ba cikin kwana biyu, kira shi, kuma ki canza lokacin kiran in bai ɗauka ba. Alamar nan biyu shuɗaye ta WhatsApp tana nuna an buɗe saƙo ne kawai, wataƙila jikansa ne ya buɗe. A gefen kowane suna ki rubuta abin da aka yi: an tura, ya amsa, an kira, ba a same shi ba. Shiru ba yarda ba ne, kuma wanda kuka kasa samu har ranar, tsohon lokacinsa na nan a kanku, dole wani ya tsaya ya jira shi.

Abu ɗaya ya rage. Kada ki rubuta "daga 1 ga Ramadan". Farkon wata ya danganta da ganin jinjirin wata, yana iya gocewa da kwana ɗaya, kuma watan kan yi 29 ko 30. Ku tsayar da rana a kalandar da rajistarku ke bi, ku ce daga Litinin kaza, ko an ga wata ko ba a gani ba. Haka ranar komawa 8 zuwa 5, a faɗe ta tun yanzu da kwanan wata. Ranakun da Sallah ke iya faɗawa a cikinsu kuma kada ki ba kowa, wanda kuka riga kuka ba ki sa shi cikin jerin waɗanda za ki kira a wannan makon.