Na Tura Kuɗi Ta USSD Layi Ya Yanke: In Sake Turawa?

Tambaya: Barista, ina da dubu 80 a asusuna, na tura wa mai kaya dubu 50 ta USSD. Ina saka lambar sirri sai wayar ta yi ta juyawa, can ta rubuto "Connection problem or invalid MMI code". Ban ga alat ba, shi ma ya ce bai gani ba, kuma ya matsa mini in sake turawa. Mece ce mafita?

Amsa: Malam, kada ka sake turawa tukuna.

USSD layi ne da ake buɗewa na ɗan lokaci tsakanin wayarka, kamfanin sadarwa da bankinka. In ya yanke, ya yanke ke nan, ba ya ajiye saƙo ya kawo daga baya yadda tes yake yi. Rubutun da ka gani daga wayarka ya fito, banki bai ce maka komai ba. Tunda ka riga ka saka lambar sirri, ɗayan uku ne: umarninka bai kai banki ba, ko an cire kuɗin ya maƙale kafin ya isa, ko kuwa ya shiga asusun mai kaya, amsar ce kawai ta ɓace a hanya. Rashin alat ba ya raba wannan gardama, don alat kan makara, wani lokaci ma ba ya zuwa.

Abin da zai raba ta shi ne bayanan shige da ficen asusunka na wannan rana. Ko duba ragowar kuɗi bai isa ba, domin banki kan riƙe kuɗin da ke kan hanya, sai ka ga dubu 30 yanzu, gobe ka ga dubu 80. Ka nemi bayanan a rubuce, da lambar shaidar wannan turawa, wadda da ita ake bin sawun kuɗin har bankin mai karɓa.

Dalilin da na hana ka maimaitawa na shari'a ne. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, tun hukuncin Foley da Hill na 1848, kuɗin da ka ajiye bashi ne kake bin banki, kuma ba ya rage shi sai da umarninka. Idan ya cire dubu 50 bai kai inda ka ce ba, bai cika umarni ba, dole ya mayar. Nan kana da ƙarfi. Amma a ce ta farko ta shiga, kai kuma ka ƙaro kuɗi ka sake turawa: umarni biyu ka bayar, kowanne da lambarka ta sirri, banki ya cika duka biyun. Hannunsa ya fita. Sai ka koma bin mai kaya da hujjar cewa ka biya bisa kuskure. Doka ta yarda ya mayar maka, sai dai banki ba kasafai yake cire kuɗi daga asusun wani ba tare da yardarsa ko umarnin kotu ba. In mutumin kirki ne, shi ke nan. In ba haka ba, ka sayo wa kanka shari'a.

Shi ma mai kaya yana da tasa gaskiyar. Muddin kuɗi bai shiga asusunsa ba, ba ka biya shi ba, ko da an cire a naka, kuma ba ka da ikon tilasta masa ya saki kaya. Ka roƙe shi ya duba bayanan asusunsa, ba alat ba. Idan lallai sai ka biya yau, ya rubuto maka ko ta tes ne cewa in ta farko ta shigo zai mayar. Wannan ɗan rubutun ya fi shaidu goma.

Ƙorafi kuwa bankinka za ka kai wa, don da shi ka ƙulla yarjejeniya. Kada ka yarda a ce maka matsalar sabis ce, je ka kamfanin layi. Ka rubuta rana da lokaci, adadin kuɗi, lambar wayar da ka yi amfani da ita da asusun mai karɓa, ka haɗa da hoton allon wayar in ka ɗauka. Ka karɓi lambar ƙorafi, ka tambayi wa'adin da za su warware. Yawancin irin wannan kuɗi yakan dawo da kansa, amma ba na son mutum ya zauna jira ba takarda a hannu. Wa'adi in ya wuce, sai ka ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na babban bankin ƙasarku ko hukumar da ke sa ido kan bankuna, kuma abin da za su fara tambaya shi ne waccan lambar ƙorafi. Kotu tana nan, sai dai a kan dubu 50 kuɗin shari'a zai iya cinye abin da kake nema.

Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka ba shi lambar sirri ya dawo maka da kuɗinka, ɗan damfara ne. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar lambarka ta sirri.